Lokacin Kallo da Riƙon Mai Kallo: Ma'aunin da Ke Ɗaga Bidiyo ko Ya Danne Shi

Duk wanda ya taɓa ɗora bidiyo a YouTube, TikTok, Facebook ko Instagram ya san lambar da idonsa ke fara nema, wato adadin mutanen da suka kalla. Ita ce take fitowa fili a ƙarƙashin bidiyo, ita ake nuna wa abokai, ita kuma masu ba da talla suke fara tambaya. Sai dai kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali sun daɗe da rage mata daraja. Abin da suka fi sa wa ido lambobi biyu ne da mai kallo ba ya ganinsu ko kaɗan, sai mai tasha idan ya shiga shafin lissafinsa: tsawon lokacin da mutane suka ɗauka suna kallo, da kuma yawan waɗanda suka zauna har bidiyon ya yi nisa. Waɗannan biyun ne ke da babban kaso wajen yanke hukuncin ko za a tura bidiyo gaban dubban baƙin ido, ko kuwa a bar shi ga 'yan tsirarun da suka riga suka san mai shi.

Abin da kowanne yake aunawa

Lokacin kallo jimilla ce. Ana tara kowane minti da kowane mutum ya yi yana kallon bidiyo, a haɗa su wuri guda. Idan mutum 1,000 suka buɗe bidiyo, wani ya yi minti ɗaya, wani ya yi minti tara, aka haɗa aka samu minti 4,000, to wannan shi ne lokacin kallon bidiyon, kimanin sa'a 67. A shafin YouTube Studio ana rubuta shi da sa'o'i a ƙarƙashin sunan `Watch time (hours)`. Idan aka raba jimillar da yawan kallo, sai a samu tsaka-tsakin zaman mutum ɗaya, a nan minti 4 ke nan, wanda shafin ke kira `Average view duration`.

Riƙon mai kallo kuwa kaso ne. Tambayarsa ita ce: a cikin tsawon bidiyon, nawa mutane suka cinye kafin su tashi? Idan bidiyon nan na minti 10 ne, kuma tsaka-tsakin zama minti 4 ne, to an kalli kashi 40 cikin ɗari. Wannan shi ne `Average percentage viewed`. Amma ainihin amfanin riƙo ba a wannan lamba ɗaya yake ba. Yana cikin zanen layin da ke ƙarƙashin `Audience retention`, wanda ke nuna, daƙiƙa bayan daƙiƙa, kashi nawa na waɗanda suka fara kallo ne suke nan har yanzu. Layin yana farawa daga sama ta hagu, ya riƙa gangarowa dama, kuma duk inda ya faɗi da ƙarfi, wurin ne jama'a suka watse.

Ma'aunan biyu ba kullum suke tafiya tare ba, kuma a nan mutane da yawa ke rikicewa. A ajiye wancan bidiyo na minti 10 kusa da wani na minti 2 wanda shi ma mutum 1,000 suka buɗe, kowa ya yi tsaka-tsakin minti ɗaya da rabi. Gajeren ya riƙe kashi 75 cikin ɗari, ya yi wa dogon fintinkau a riƙo. Amma jimillar lokacinsa minti 1,500 ne kawai, sa'a 25, bai kai ko rabin na dogon ba. Saboda haka babu ma'ana mutum ya ce kashi 40 kaɗan ne ko kashi 75 da yawa ne, sai an san tsawon bidiyon. Shi ya sa YouTube, idan zai nuna wa mai tasha ko riƙonsa ya yi kyau, yake kwatanta bidiyon da sauran bidiyoyinsa masu kusan tsawo ɗaya.

Yadda aka bar ƙirga dannawa

A shekarun farko na YouTube, bayan kafa shi a 2005 da sayensa da Google ya yi a 2006, dannawa ce sarauniya. Bidiyon da aka fi buɗewa shi tsarin ke ƙara turawa gaba. Nan da nan masu wayo suka gano lagon abin: a sa hoton bango mai jan ido wanda ba shi da alaƙa da abin da ke ciki, a rubuta take mai tada hankali, mutum ya danna, ya ga an yaudare shi, ya fita cikin daƙiƙa kaɗan. A lissafin wancan lokaci, wannan yaudarar nasara ce, domin an riga an ƙirga kallo ɗaya. Lamarin ya yi kama da mai shagon da ke alfahari da yawan masu leƙowa ta ƙofa, alhali babu wanda ya shigo ya yi ciniki.

A 2012 YouTube ya sauya ma'auni. Ya fara da bidiyoyin da yake ba da shawara a kalla, daga baya cikin shekarar ya shigar da sakamakon bincike, ya ce daga yanzu zai fifita bidiyon da ke sa mutum ya zauna a kan wanda ke sa shi ya danna kawai. Ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin kamfanin, Cristos Goodrow, ya bayyana a 2021 cewa da aka yi wannan sauyi, adadin kallo ya faɗi da kashi 20 cikin ɗari nan take, amma suka dage a kai. A wannan shekarar ta 2012 ne kuma kamfanin ya ɗora wa kansa burin kai wa sa'a biliyan ɗaya na kallo a kowace rana, kuma a farkon 2017 ya sanar cewa ya kai.

A 2016 wasu injiniyoyin Google uku suka wallafa takarda a kan yadda tsarin shawarar YouTube ke aiki. Sun bayyana a ciki cewa abin da tsarin ke ƙoƙarin hasashe shi ne minti nawa na kallo za a samu a duk lokacin da aka nuna wa mutum hoton wani bidiyo, kuma sun faɗi dalilinsu: jera bidiyoyi bisa yawan dannawa yana ɗaga masu yaudara waɗanda mutane ba sa ƙarasawa. Lissafin yana da sauƙi idan aka saka masa lambobi. A ce an nuna hoton bidiyo na farko sau 1,000, mutum 100 suka danna, kowa ya yi minti ɗaya ya gudu; an samu minti 100. An nuna hoton na biyu shi ma sau 1,000, mutum 50 kacal suka danna, amma kowa ya yi minti 6. An samu minti 300. Na farko ya ninka na biyu a dannawa, na biyu kuma ya ninka shi sau uku a abin da dandalin ke nema. Gurbin da ke fuskar wayar mai kallo ɗan kaɗan ne, don haka na biyun za a ba wa.

Dalilin da ya sa aka ba su wannan nauyi

Dalili na farko kuɗi ne. Waɗannan kamfanoni ba sa karɓar ko sisi daga yawancin masu kallo. Abin da suke sayarwa shi ne hankalin mai kallo, masu talla kuma su ne masu saye. Ana saka talla ne a cikin lokaci, saboda haka kowane ƙarin minti da mutum ya yi a manhaja, ƙarin fili ne na saka talla. Dannawar da ta ƙare a daƙiƙa biyar ba ta samar da wannan fili. Hasali ma tana iya jawo asara, domin wanda aka yaudara sau biyu, sau uku, yakan rufe manhajar ya koma wata. Wannan ne ya sa dandalin ba ya duban bidiyo shi kaɗai. Yana kuma duban abin da ya biyo bayansa: da mutum ya gama, ya buɗe wani ne, ko ya ajiye wayar?

Dalili na biyu shi ne lokaci shaida ce da kowa ke bayarwa, ko ya so ko bai so ba. A cikin masu kallo, kaɗan ne ke danna alamar so, waɗanda ke tsayawa su yi rubutu kuma sun fi haka ƙaranci. Amma kowane mai kallo, har wanda bai iya karatu ba, yana barin sawu: ya zauna ko ya tashi, kuma a wace daƙiƙa. Ga tsarin lissafin da ke koyo daga ɗabi'un miliyoyin mutane, wannan bayani ya fi kowane yawa, kuma yana zuwa ne daki-daki. Alamar so tana cewa e kawai. Lokacin kallo yana bambanta wanda ya yi daƙiƙa goma da wanda ya yi minti biyu da wanda ya kai ƙarshe ya sake farawa. Ga shi kuma na'ura ba ta buƙatar jin harshen da ake magana da shi kafin ta yi wannan awo. Bidiyon Hausa da na Koriya duk ma'auni ɗaya ne ke hawa kansu.

Dalili na uku, lokaci ya fi wuyar maguɗi. Sayen dannawar bogi abu ne mai araha, haka ma roƙon 'yan uwa su buɗe su rufe. Amma sa dubban mutane su zauna minti shida a kan abin da ba sa so aiki ne mai tsada. Ba a ce ba a yin maguɗin lokaci ba, ana yi, sai dai kuɗin da ake kashewa da haɗarin kamawa sun fi yawa.

Sauran dandalin ma sun faɗi irin wannan da bakinsu. A 2020 TikTok ya wallafa bayanin yadda yake zaɓo bidiyon da ke fitowa a shafin `For You`, ya ce kallon dogon bidiyo daga farko har ƙarshe alama ce mai ƙarfi, wadda ta fi nauyi a kan alama mai rauni irin ta kasancewar mai bidiyo da mai kallo a ƙasa ɗaya. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, a farkon 2025 ya lissafa manyan alamomi uku da suke dubawa: lokacin kallo, alamar so, da yawan tura bidiyo ga wasu. Nauyin wannan a kan mai tasha ba ƙarami ba ne, domin tun a 2018 Neal Mohan, wanda daga baya ya zama shugaban YouTube, ya ce sama da kashi 70 cikin ɗari na lokacin da ake yi ana kallo a dandalin daga shawarar tsarin yake fitowa. Ma'ana, mafi yawan kallo ba mutane ne ke nemowa da kansu ba, kawo musu ake yi.

Karanta layin riƙo: misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wata mai koyar da girki ta ɗora bidiyo na minti 10 mai taken abin da ke hana ƙullun masa tashi. Bayan kwana biyu, lokacin da lissafin ya kammala fitowa, ta buɗe layin riƙo. Don sauƙi, mu ɗauka mutum 100 ne suka fara kallo.

A daƙiƙa ta 30, saura mutum 62. Wannan wuri yana da muhimmanci har YouTube ya ware masa suna, `Intro`, yana nuna kason da ya tsallake daƙiƙa talatin na farko. Kowane bidiyo yana zubar da mutane a nan, domin akwai waɗanda suka danna bisa kuskure, da waɗanda suka leƙa kawai. Amma asarar mutum 38 tana buƙatar bincike. Da ta sake kallon farkon, sai ta ga daƙiƙa goma na kiɗa da tambarin tasha, sannan doguwar gaisuwa ga mabiya na gida da na waje, sannan roƙon a danna a bi tashar. Sai a daƙiƙa ta 50 aka fara ambaton masa. Wanda ya danna yana da ƙullu a roba da ya ƙi tashi, take ya yi masa alkawarin amsa, ya jira kusan minti guda bai ji ko alamarta ba. Sallama ba ta korar kowa, kuma babu dalilin yar da ita. Daƙiƙa uku ta ishe ta. Abin da ke korar mutane shi ne jinkirta abin da aka kira su dominsa.

Daga nan zuwa minti na 2 layin ya gangaro a hankali zuwa 50, sannan ya kusa miƙewa. Tsakanin minti na 2 da na 6 da rabi, mutum takwas kawai suka tafi. Wannan shimfiɗaɗɗen wuri shi ne zuciyar bidiyon, inda take nuna jiƙa shinkafa, da markaɗe, da haɗa dafaffiyar shinkafa a cikin ƙullu. Duk wanda ya iso nan ya samu abin da ya zo nema.

A minti na 4 da 'yan daƙiƙoƙi akwai wani ɗan tudu, layin ya ɗaga sama sannan ya dawo. Tudu yana nufin mutane sun mayar da bidiyon baya sun sake kallon wurin, ko kuma wasu sun tsallako kai tsaye zuwa gare shi. A wurin ne ta ɗaga ludayi ta nuna kaurin ƙullu, ta kuma faɗi adadin yis. Fassara biyu ce ke yiwuwa, kuma lambar ba za ta zaɓa mata ɗaya ba. Ko dai wurin ne ya fi amfani, ko kuwa ta yi sauri har ba a gane ba sai an maimaita. Sai ta kalla da idon baƙo kafin ta sani. Idan ta ga ta faɗi awon yis sau ɗaya cikin ƙarar injin markaɗe, to maganin shi ne ta rubuta awon a kan allo a bidiyo na gaba. Ko ta wace fuska, ta gano tambayar da ta fi damun masu kallonta, kuma wannan tambayar ta cancanci bidiyo nata na kanta.

A minti na 6 da rabi sai rami: daga 42 zuwa 28 cikin minti ɗaya. A nan ta dakatar da girki ta shiga tallan kayan ƙamshin da take sayarwa. Waɗanda suka tsallake tallan suka dawo, za a ga layin ya sake ɗagowa bayan ramin. A nata bai ɗago ba, wato tafiya suka yi gaba ɗaya. Daga nan layin ya tsaya kusa da 25 har zuwa inda ta ce to jama'a a nan za mu dakata, sai ya rufta zuwa 12. Wannan faɗuwar ta ƙarshe ba abin damuwa ba ce sosai, domin an riga an gama koyarwa. Darasinta kawai shi ne, duk abin da ake so a faɗa mai muhimmanci, a faɗe shi kafin a yi alamar bankwana.

Idan aka haɗa duka, tsaka-tsakin zama ya ɗan haura minti 4, kimanin kashi 42 cikin ɗari. Lambar ita kaɗai ba ta gaya mata komai game da abin da za ta gyara. Layin ne ya nuna mata wurare biyu da suka cinye mata fiye da rabin jama'a, kuma dukkansu ba su shafi iya girkinta ba: farkon da ya yi jinkiri, da tallan da ya katse aiki ana tsaka da shi.

Inda lissafin ke zama kuɗi

Tun Janairun 2018, kafin tasha ta fara samun kason kuɗin talla a YouTube sai ta tara mabiya 1,000 da sa'a 4,000 na kallo cikin wata 12. Sa'a 4,000 minti 240,000 ne. Tashar da tsaka-tsakin zamanta minti 4 ne tana buƙatar kallo 60,000 kafin ta kai. Wadda nata minti ɗaya da rabi ne sai ta tara 160,000. Lokacin da aka samu daga jerin gajerun bidiyoyi na `Shorts` ba ya shiga wannan ƙidaya. Su an ware musu tasu hanya, kallo miliyan 10 cikin kwana 90. Sannan bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya saka wa talla a tsakiya. Kafin tsakiyar 2020 sharaɗin minti 10 ne, abin da ya sa aka daɗe ana ganin bidiyoyi masu minti goma da 'yan daƙiƙoƙi, an ja su da ƙarfi don su tsallake layin.

A nan tarko yake. Mai tasha yana jin cewa lokaci ake biya, sai ya ɗauki maganar minti 5 ya shimfiɗa ta zuwa 12. Amma tallan da aka saka a minti na 9 ba ya kawo komai idan jama'a sun watse a minti na 3. Tsawo yana ƙara lokacin kallo ne kawai idan akwai abin da zai cika shi. Wannan ne sirrin da ya sa fina-finai masu dogon zango na Kannywood, irin su Izzar So, suka dace da YouTube: kowane kashi dogo ne, labari ne ke riƙe mutum, kuma ƙarshen kashi yana tura shi ga na gaba. Wanda ya kwaikwayi tsawon bai kawo labarin ba, asara zai yi ta fuska biyu, riƙo ya faɗi, jimilla kuma ba ta ƙaru ba.

A gajerun bidiyoyi lissafin ya ɗan sauya. Babu hoton bango da za a danna, bidiyon yana fara kansa ne da zarar an ja allo, don haka hukuncin farko yana faruwa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu: an tsaya, ko an ture shi sama. Kuma da yake yana sake farawa da kansa idan ya ƙare, riƙo yana iya haura kashi 100 cikin ɗari. Kashi 90 a bidiyon daƙiƙa 15 da kashi 45 a na minti 20 ba abubuwa ne da za a ɗora a sikeli ɗaya ba.

Abin da lambobin ba sa gani

Layin riƙo yana nuna inda aka tashi, ba ya faɗin dalili. A wurarenmu wannan gibi babba ne. Mutum yana iya fita a minti na 3 saboda datarsa ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, ko cajin waya ya mutu, ko an kira salla. A lissafi duk ɗaya suke da wanda ya gaji da bidiyon. Hanyar rarrabewa ita ce siffar layin. Irin waɗannan dalilai suna warwatse ne a ko'ina cikin bidiyo, sai su ba da gangara mai laushi. Faɗuwa mai kaifi a daƙiƙa guda kuwa kusan kullum tana nuna wani abu ne da ke cikin bidiyon kansa. Akwai kuma masu kallon da ba a ƙirga su sam: wanda ya sauke fim ta wata manhaja ya tura wa mutum goma, ko ya je shagon masu tura fina-finai aka zuba masa a waya. Sun kalla har ƙarshe, amma ko minti ɗaya bai shiga asusun mai tasha ba.

Hanyar da mai kallo ya biyo ita ma tana sauya lambar. Wanda ya rubuta tambaya a wurin bincike ya zo da niyya, yakan daɗe, ko kuma ya tsallaka kai tsaye zuwa amsar ya tafi da gamsuwa. Wanda aka tura wa a zauren WhatsApp na dangi yakan buɗe don kara, ya rufe. Haka kuma idan bidiyo ya fara bazuwa, tsarin yana kai shi ga mutanen da ba su san tashar ba, sai tsaka-tsakin riƙo ya sauka alhali jimillar lokaci tana hawa. Mai tashar da bai san wannan ba sai ya tsorata a daidai lokacin da abu ke masa kyau. Tasha ƙarama kuma, mai kallo 40 ko 50, kada ta gina hukunci a kan kowane ɗan lanƙwasa, domin tafiyar mutum uku ta isa ta zana rami.

Su kansu kamfanonin sun taɓa tuntuɓe a wannan lissafi. A 2016 Facebook ya amsa cewa ya daɗe yana kumbura tsaka-tsakin lokacin kallo da yake nuna wa masu talla. Kuskuren a wurin rabawa yake: yana tara dukkan lokacin kallo, amma ya raba shi da adadin waɗanda suka kai daƙiƙa 3 kawai, ya zubar da waɗanda suka wuce da sauri. Masu talla suka kai ƙara, aka sasanta a 2019 a kan dala miliyan 40. Darasin ya shafi kowa: kafin a yarda da kowane tsaka-tsaki, a tambayi wa aka ƙirga, wa aka bari.

Babban rauni kuwa shi ne zama ba gamsuwa ba ne. Mutum yana iya shafe sa'a guda a kan bidiyon zage-zage, ko jita-jita, ko tonon silili, ya tashi ransa a ɓace yana cizon yatsa. Fushi da tsoro suna riƙe ido kamar yadda ilimi ke riƙewa, wani lokaci ma fiye. Tsarin da ke bin lokaci kaɗai ba zai bambanta su ba, kuma wannan ne tushen sukar da aka daɗe ana yi wa dandalin cewa suna tura mutane ga abin da ya fi zafi. YouTube ya amsa wani ɓangare na sukar. A 2019 ya ce zai rage tura bidiyoyin da ke gab da karya dokokinsa da masu yaɗa ƙarya mai cutarwa. Ya kuma bayyana cewa yana aika wa wasu masu kallo tambaya su ba bidiyo tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma wanda ya samu huɗu ko biyar ne kawai ake lissafa lokacinsa a matsayin mai daraja. Wannan gyara ne na gaske, amma bai taɓa tushen ba, domin har yanzu kuɗin kamfanin daga lokacin mutane yake fitowa.

A ganina, mai tasha ya kamata ya raba ma'aunan biyu a ransa. Jimillar lokacin kallo buƙatar kamfani ce, kuma wanda ya mayar da ita alƙiblarsa zai wayi gari yana ja da magana, yana ɓoye amsa har ƙarshe, yana hura wutar rigima don a zauna. Layin riƙo kuwa kayan aikinsa ne shi kansa. Babu wani malami ko mai wa'azi ko marubuci a da can da ya taɓa samun irinsa, wato shaidar da ke nuna masa ainihin jimlar da ya faɗa mutane suka tashi. Wanda zai amfana da shi sai ya riƙa buɗe layin kowane bidiyo bayan kwana biyu, ya nemo faɗuwa mafi kaifi guda ɗaya, ya kalli daƙiƙa ashirin da suka gabace ta, ya tambayi kansa me ya yi wa mai kallo alkawari a take, kuma me yake ba shi a wannan wuri. Idan amsoshin biyu sun saɓa, ya samu abin gyarawa a bidiyo na gaba. Idan kuwa sun dace, kuma abin da ya faɗa a wurin gaskiya ce da dole a faɗa ko da ba ta da daɗin ji, to ya bar ta yadda take, ya karɓi faɗuwar.